Komai na cikin tiransakshan, to me ya sa lissafi ya karkace? Fashin baƙi kan MVCC da karkacewar rubutu

Akwai tambayar da masu haɗa manhaja ke yawan yi duk lokacin da aka wayi gari lissafin wani sistem bai daidaita ba: ai na sa komai tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, databes ɗin kuma an ce yana bin ƙa'idojin ACID, to ta yaya mutum biyu suka karya dokar da manhajar ke dubawa kafin ta rubuta komai? Galibi amsar da ake samu ita ce wai "ka ɗaga matakin keɓewa zuwa `REPEATABLE READ`, shi ke nan". Wannan amsa tana toshe wasu ramuka, amma akwai guda ɗaya da take bari a buɗe, kuma shi ne mafi wuyar ganewa don ba ya fitar da saƙon kuskure ko kaɗan. Masana suna kiransa rait-sikiyu, mu nan za mu ce karkacewar rubutu. Da PostgreSQL zan yi bayanin, don a nan ne ake iya ganin abin da ido.

Me ya sa databes ke ajiye tsofaffin kwafi

Tsohuwar hanyar hana tiransakshan biyu taka juna ita ce kwaɗo. Mai karatu ya sa wa layi kwaɗo, mai rubutu ya jira, mai rubutu ya sa nashi, mai karatu ya jira. Yana aiki, amma in wani ya tashi fitar da rahoton wata guda da zai ɗau minti goma yana karanta tebur, to masu sayarwa sai su zauna suna kallon sikirin.

MVCC, wato ajiye kwafi fiye da ɗaya na layi guda, dabara ce ta kauce wa wannan jira. David Reed ya yi bayaninta a kundin digirinsa na uku a MIT a 1978, PostgreSQL kuma ya ɗauke ta a siga ta 6.5 a 1999. Kamar akawun da ba ya goge komai a kundin ciniki ne: in adadi ya canza sai ya rubuta sabon layi a ƙasa, ya sa alama a tsohon cewa daga lokaci kaza an daina aiki da shi. A PostgreSQL kowane layi yana da ɓoyayyun lambobi biyu, `xmin` wato lambar tiransakshan ɗin da ya haifi wannan kwafin, da `xmax` wato lambar wanda ya goge shi ko ya maye gurbinsa. Za ka iya ganinsu da kanka:

```sql
SELECT xmin, xmax, sito, buhu FROM kaya;
```

In tiransakshan mai lamba 510 ya yi `UPDATE`, adadin da ke tsohon layin yana nan yadda yake, abin da ake yi kawai a rubuta 510 a `xmax` ɗinsa, sannan a ƙirƙiri sabon kwafi mai `xmin` 510. Kwafi biyu ke nan na layi ɗaya zaune a tebur. Wanne kowa zai gani? Nan hoto ya shigo.

Hoton nan ba kwafin databes ba ne gaba ɗaya, ɗan jerin lambobi ne kawai. In ka kira `pg_current_snapshot()` za ka ga abu kamar `510:514:510,512`. Ma'anarsa duk tiransakshan da ke ƙasa da 510 ya riga ya gama, daga 514 zuwa sama ba ruwanka da su, 510 da 512 kuma suna kan aiki lokacin da aka ɗau hoton, don haka abin da suka rubuta ba za ka gan shi ba ko da sun yi `COMMIT` bayan daƙiƙa ɗaya. Da wannan mai karatu ba ya tsayar da mai rubutu, mai rubutu ba ya tsayar da mai karatu. Kuɗin da ake biya shi ne matattun kwafi suna taruwa har sai `VACUUM` ya zo ya share, kuma ba zai iya share kwafin da wani tsohon hoto ke iya buƙata ba, shi ya sa tiransakshan ɗaya da aka manta a buɗe tun safe yake kumbura tebur.

Abin da keɓewa ta hoto ke karewa

A matakin da PostgreSQL ke zuwa da shi in ba ka taɓa komai ba, wato `READ COMMITTED`, kowane umarni sabon hoto yake ɗauka. A `REPEATABLE READ` kuwa hoto ɗaya ake ɗauka a umarnin farko bayan `BEGIN`, da shi za ka yi ta aiki har ka gama. Wannan shi ne sinafshot aisoleshan, keɓewa ta hoto, kuma yana da doka ta biyu da mutane ke mantawa: in tiransakshan biyu da ke tafiya lokaci guda suka nemi canza layi ɗaya, guda ne zai tsira. Na biyun zai tsaya ya jira na farko, in na farko ya fasa sai ya wuce, in kuma na farko ya yi `COMMIT` sai a jefo wa na biyu wannan:

```
ERROR:  could not serialize access due to concurrent update
```

Wannan doka tana da amfani sosai, ita ke hana mutum biyu su karanta 80, kowa ya cire nashi, na ƙarshe ya rubuta a kan na farko kamar bai taɓa faruwa ba. Amma ka lura da abin da take dubawa. Rubutu da rubutu take gwamawa. Abin da ka karanta, wanda a kansa ka yanke shawarar yin rubutun, babu mai komawa ya duba ko har yanzu haka yake lokacin da kake `COMMIT`.

Buhu 150, akawu biyu, doka ɗaya

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai sito biyu na shinkafa. Sito A akwai buhu 80, sito B akwai 70, jimilla 150. Wani kwastoma ya riga ya biya kuɗin buhu 100 zai turo mota ranar Asabar, kuma bai damu daga wane sito za a loda masa ba. Don haka dokar da aka sa wa manhaja ita ce: a sayar da duk abin da aka ga dama, muddin jimillar sito biyun ba ta sauka ƙasa da 100 ba.

Akawun sito A ya samu mai son buhu 40. A daidai wannan lokaci akawun sito B ma ya samu mai son 40. Manhajar kowannensu ga abin da take turawa, bambancin kawai harafin sito:

```sql
BEGIN ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ;
SELECT sum(buhu) FROM kaya;   -- 150
UPDATE kaya SET buhu = buhu - 40 WHERE sito = 'A';
COMMIT;
```

Na A ya ɗau hotonsa ya ga 150, manhaja ta lissafa 150 a cire 40 saura 110, ya fi 100, ta ce a sayar. Kafin ya kai ga `COMMIT`, na B ya ɗau nashi hoton, kuma tunda rubutun na A bai tabbata ba tukuna shi ma 150 ya gani, shi ma 110 ya samu, shi ma aka ce masa ya sayar. Na A ya canza layin A ya koma 40. Na B ya canza layin B ya koma 30. Layi daban-daban suka taɓa, to dokar "guda ne zai tsira" ba ta da abin kamawa, babu wanda ya jira wani, duka biyun `COMMIT` ɗinsu ya wuce lafiya lau. Jimilla yanzu 70.

Abin da ya sa wannan matsala ce ta gaske ba wai rashin sa'a ba shi ne, babu wani jeri na ɗaya bayan ɗaya da zai haifar da 70. In na A ya fara ya gama, na B zai ga 110, ya cire 40 ya ga 70, manhaja ta hana. In na B ne ya fara, na A za a hana. Kowanne shi kaɗai daidai yake, kuma duk gwajin da mai haɗa manhajar zai yi a kwamfutarsa shi ɗaya zai wuce. Haɗuwarsu ce ta fitar da sakamakon da bai kamata ya yiwu ba.

Ranar Asabar mota ta zo, buhu 70 ne a ƙasa, 30 babu. Kuma abin da ke damuna a nan shi ne wanda za a fara zargi. Ba wanda zai ce databes ne, tunda log ɗinsa fes yake babu kuskure ko ɗaya. Akawun nan biyu za a titsiye, a ce ɗayansu ya tsallake gargaɗin manhaja, alhali kowannensu abin da sikirin ya nuna masa ya bi. Irin wannan siffa tana nan a wurare da yawa da suka shafi talaka kai tsaye: asusu biyu masu iyakar cire kuɗi ta haɗin gwiwa, kujerun mota ko na jirgi da ake ƙirgawa kafin a sayar da tikiti, ɗakin taro da ake duba ko an kama shi kafin a ba wani.

Akwai dabaru biyu da mutane ke zaton sun isa, kuma ba su isa ba. Ta farko a sa `CHECK (buhu >= 0)` a tebur. `CHECK` layi ɗaya yake kallo, 40 da 30 kuwa duk sun fi sifili. Ta biyu a cusa dubawar cikin `UPDATE` ɗin kansa, a ce `WHERE sito = 'A' AND (SELECT sum(buhu) FROM kaya) - 40 >= 100`, wai tunda umarni ɗaya ne babu mai shiga tsakani. Wannan yana rage tazarar lokacin ne kawai, don jimillar da ke ciki ita ma daga hoto ake karanta ta, kuma rubutun ɗayan da bai yi `COMMIT` ba ba ya cikin hoton.

Sunan matakin ma yana ruɗar mutane

Ma'aunin SQL na 1992 ya bayyana matakan keɓewa ta hanyar lissafa matsaloli uku da kuma waɗanda kowane mataki zai hana daga cikinsu: karanta abin da ba a tabbatar ba, karanta layi sau biyu a ga ya canza, da bayyanar sabbin layuka a tsakiyar aiki. Keɓewa ta hoto tana hana duka ukun, tunda hotonka ba ya motsi. Sai wasu kamfanoni suka ga ai sun cika sharaɗi, suka liƙa mata sunan `SERIALIZABLE`, sunan da asalin ma'anarsa ita ce sakamako ya zama daidai da a ce ɗaya bayan ɗaya aka yi. A 1995 Hal Berenson, Phil Bernstein, Jim Gray, Jim Melton, Elizabeth O'Neil da Patrick O'Neil suka fitar da takardar da ta nuna jerin ukun nan bai cika ba, a cikinta ne aka fayyace keɓewa ta hoto aka kuma nuna karkacewar rubutu na wucewa ta cikinta.

Har yau abin bai gama warwarewa ba. A Oracle in ka zaɓi `SERIALIZABLE` keɓewa ta hoto kake samu, zai ba ka `ORA-08177` in kun yi karo a rubutu, amma labarin buhunan nan yana iya faruwa. PostgreSQL ma haka yake kafin siga ta 9.1. A SQL Server matakin `SNAPSHOT` da aka kawo a sigar 2005 yana barin karkacewar, `SERIALIZABLE` ɗinsa kuwa na kwaɗo ne kuma yana hanawa. MySQL da injin InnoDB yana zuwa da `REPEATABLE READ`, shi ma yana barinta. Don haka in wani ya ce maka "muna kan mataki mafi tsauri", tambayar da za ka yi ita ce a wane databes, kuma wace siga.

Yadda PostgreSQL ke kama ta tun daga 2011

A 2008 Michael Cahill, Uwe Röhm da Alan Fekete suka nuna hanyar da za a ci gaba da aiki da hoto amma a kama irin wannan karo, ana kiranta SSI. Kevin Grittner da Dan Ports suka gina ta cikin PostgreSQL 9.1 da ya fito a 2011, tun daga nan `SERIALIZABLE` ɗinsa ya zama na gaske.

Dabarar ita ce databes ya riƙa tuna abin da kowa ya karanta. In ka duba `pg_locks` za ka ga wasu alamomi masu suna `SIReadLock`, waɗanda duk da sunansu ba sa tsayar da kowa, shaida ce kawai cewa wane ya karanta nan. Duk lokacin da wani ya rubuta a wurin da wani mai tafiya tare da shi ya karanta, sai a ja kibiya daga mai karatun zuwa mai rubutun, ma'ana mai karatun bai ga wannan canji ba, don haka a jeri dole ya zama shi ne a gaba. A misalinmu na A ya karanta layin B wanda na B ya canza, to A na gaban B. Na B kuma ya karanta layin A wanda na A ya canza, to B na gaban A. Ba zai yiwu kowa ya riga kowa ba. Abin da PostgreSQL ke nema shi ne tiransakshan da kibiya ta shigo masa wata kuma ta fita daga gare shi, don an tabbatar a lissafi cewa duk wata karkacewa a ƙarƙashin hoto sai ta ƙunshi wannan siffa. Na farko da ya yi `COMMIT` ya wuce, na biyu ya samu:

```
ERROR:  could not serialize access due to read/write dependencies among transactions
```

Lambar kuskuren `40001` ce, kuma a nan ne aiki ke komawa hannun mai haɗa manhaja. Dole manhajar ta kama wannan lamba ta sake tiransakshan ɗin tun daga `BEGIN`, har da karatun, don a zagaye na biyu ne akawun B zai ga 110 a hana shi. Wanda ya maimaita `UPDATE` kaɗai ya dawo da matsalar da hannunsa. Sannan duk abin da ba a iya janyewa, buga rasit ko tura alat ta waya, a bari sai `COMMIT` ya tabbata, in ba haka ba kwastoma zai riƙe rasit na cinikin da databes ya soke.

Masu ƙin wannan mataki suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. SSI yana soke wasu tiransakshan da a gaskiya ba su da laifi, don siffar kibiya biyu yake dubawa, ba ya jira ya ga cikakken zagaye. In tambayarka ba ta da indeks har ta karanta tebur gaba ɗaya, alamar karatun kan dukan teburin za ta hau, sai kowane rubutu a wurin ya zama abin zargi, sokewa ta yawaita. Kuma kariyar tana aiki ne tsakanin waɗanda duk suke `SERIALIZABLE`, in wata tsohuwar manhaja ko wani ɗan sikirif na dare yana shigowa da `READ COMMITTED`, ba a ganin karatunsa, zai iya karya dokar hankali kwance.

In ba za ka hau `SERIALIZABLE` ba

Hanya ta biyu ita ce ka tilasta karon da kanka, ka sa wa duk layukan da shawararka ta dogara a kansu kwaɗo tun a wurin karatu:

```sql
SELECT sito, buhu FROM kaya ORDER BY sito FOR UPDATE;
```

Sai manhaja ta haɗa jimillar da kanta, don PostgreSQL ba ya yarda a haɗa `sum()` da `FOR UPDATE`. Yanzu na B zai tsaya a wannan layi har na A ya gama. In yana `READ COMMITTED` zai farka ya ga sabon adadi, 40 da 70, ya san babu halin sayar da 40. In yana `REPEATABLE READ` zai samu `40001` ya sake daga farko. `ORDER BY` ɗin nan kuma da dalilinsa, yana sa kowa ya kama layukan a jeri ɗaya don kada A ya riƙe na farko yana jiran na biyu, B kuma ya riƙe na biyu yana jiran na farko.

Iyakar wannan hanya ita ce ba a sa wa abin da babu shi kwaɗo. Ɗauki ɗakin biki: mutum biyu sun duba ko akwai wanda ya kama ranar Asabar daga ƙarfe 4 zuwa 8, duka sun ga babu layi ko ɗaya, `FOR UPDATE` bai samu abin riƙewa ba, kowa ya yi `INSERT` nashi. A nan gara ka bar databes ya riƙe dokar da kansa. In ranar gaba ɗaya ake kamawa `UNIQUE` a kan ɗaki da rana ya wadatar, in kuma awanni ne masu iya shiga juna akwai `EXCLUDE USING gist` da ke hana tazara biyu haɗuwa, kuma waɗannan suna aiki ko a wane mataki kake. In dokar ba ta shiga ko ɗaya daga ciki, sai a ƙirƙiri layi guda na musamman, misali layin ɗakin kansa ko layin jimillar kaya, wanda kowa sai ya kama shi kafin ya rubuta.

Ni a ganina, in sabon sistem ne a PostgreSQL kuma dokokinsa na kuɗi ne ko na kaya, a fara da `SERIALIZABLE` tare da sake gwaji da aka rubuta a wuri ɗaya kowa na bi ta nan, don hanyar kwaɗo tana buƙatar kowane mai haɗa manhaja da zai taɓa wannan tebur, har wanda za a ɗauka aiki baɗi, ya tuna da dokar. In kuma tsohon sistem ne ko Oracle, to kwaɗo da `UNIQUE` su ne abin hannu.

Yadda za ka gane ko kana da ita

Fara da `SHOW transaction_isolation;` daga cikin haɗin da manhajar ke amfani da shi, don sau da yawa abin da ake zato ba shi ke nan ba. Sannan ka bi kod ɗin kana neman siffa guda: an yi `SELECT` mai `sum`, `count` ko `EXISTS`, an yi `if` a kan sakamakon, sannan an rubuta a layin da ba shi kaɗai aka karanta ba. Duk inda ka ga haka, buɗe taga biyu ta `psql`, ka yi `BEGIN` da karatun a duka biyun, sannan rubutun a duka biyun, sai a ƙarshe ka yi `COMMIT` ɗaya bayan ɗaya. In duka sun wuce ba wanda ya jira ba wanda aka soke, ramin yana nan. A ainihin aiki tazarar na iya zama 'yan milisakan, amma in manhajar tana kiran wata saba, ta biyan kuɗi misali, tsakanin karatu da rubutu, tazarar ta zama daƙiƙoƙi, kuma ranar da ciniki ya fi yawa ita ce ranar da mutum biyu za su faɗa cikinta. Ga bayanan da suka riga suka shiga kuwa, sai dai ka rubuta tambayar da ke duba dokar kanta, jimillar kaya a gwama da abin da aka riga aka biya, a riƙa gudanar da ita kullum dare, don ta nan kaɗai tsohuwar karkacewa za ta fito.